Wutar cek ta koma kiftawa a kan hanya, a ci gaba da tafiya ko a tsaya?

Maman Sadik: Slm 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masana mota a taimaka min da bayani. Corolla ce 2007, injin 1.8, otomatik. Tun da aka sayo ta wutar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji a kunne take, bakanikena ya ce ba komai motocin Beljiyam duk haka suke zuwa, kuma gsky lafiya ƙalau take tafiya. To yau a hanyar Zariya na zo wuce wata tirela ina taka totur sai motar ta kama jijjiga ta ƙi jan hanya, wutar kuma ta fara kiftawa. Da na sassauta ƙafa sai ta daina ta koma tsaye yadda take da. Haka ta dinga yi min duk sanda na taka har na shigo Kano. Jibi muna da biki a Kaduna, in tafi da ita ko kuwa?

Ɗan Gwaggo: Hajiya wutar cek ai ado ce a ƙasar nan, tawa shekara da shekaru tana kunne, ranar da ta mutu ma sai da gabana ya faɗi hhh

Oga Ɗanlami: Hajiya mai ne. A ina kika sha mai na ƙarshe? In wajen 'yan bumburutu ne ko wani ƙaramin gidan mai na hanya to ruwa ne a ciki ko datti. Ki cika tanki a wuri mai kyau ki zuba ruwan wanke nozul kwalba ɗaya ki hau titi ki taka ta sosai, za ta washe da kanta

Injiniya Bashir: Oga Ɗanlami Allah ya ƙara girma, mai mara kyau yana kawo misin, wato silinda ta yi fashin ƙona mai, wannan gaskiya ne ban ja ba, amma maganar a hau titi a taka ta sosai ita ce ba zan bari ta wuce ba. Hajiya kar ki taka, kar kuma ki tafi Kaduna da ita a haka.

Wutar a tsaye da wutar tana kiftawa maganganu biyu ne daban. In tana tsaye, birenbos, wato kwamfutar mota, na cewa na ga matsala na rubuta na ajiye, a je a karanta in an samu lokaci. Zai iya zama murfin tanki bai rufu ba, zai iya zama sensa, zai iya zama babba ma, amma dai motar ba ta ce ki tsaya yanzu ba. In tana kiftawa kuwa alhali inji na aiki, abu ɗaya take nufi kusan a duk motar fetur ta zamani: akwai silindar da ba ta ƙona manta, kuma yawan abin ya kai matakin da zai ƙona miki indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, a lokacin da ake ciki, ba gobe ba.

Maman Sadik: Injiniya ngd. Amma ai ta daina kiftawar, yanzu haka na je na tayar da ita a gida tsaye take kamar kullum. Ba ya nufin abin ya wuce?

Injiniya Bashir: A'a ranki ya daɗe. Kiftawar tana bin abin da ke faruwa ne a wannan daƙiƙar. Kin taka, silinda ta kasa, ta kifta. Kin sassauta, silindar ta ɗan kama aiki, ta daina kiftawa ta koma tsaye ta bar kod a rubuce. Ciwon yana nan, kin rage masa nauyi ne kawai.

Kuma akwai dalilin da ya sa sai kin taka take yi. Lokacin da kika buɗe totur iska da mai suna cika silindar, fiston ya matse su da ƙarfi, to tsallakar da wuta a bakin fulogi cikin wannan matsin ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan lokacin da mota ke sulo a tsaye. Koyil ɗin da ya gaji ko fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe, a sulo za su yi ta lallaɓawa ba ki san komai ba, da an ɗora nauyi, hawan gada ko wuce tirela ga esi a kunne, sai su gaza. Shi ya sa ni hankalina ya fi tafiya wajen wuta a kan mai. Amma sai an karanta, ba na yanke hukunci a waya.

Habu Sharon: Ni fa har yau ban gane yadda kwamfuta za ta san wai fiston kaza bai tashi ba. Ido gare ta a cikin inji? Ni ina ganin duk dabarar masu sikana ce ta karɓar kuɗi

Injiniya Bashir: Malam Habu ba ido ba ne, lissafi ne. Akwai sensa da ke kallon juyawar kiranshaf. Duk sanda silinda ta ƙona mai tana ba kiranshaf ɗin ɗan turi, gudunsa ya ɗan ƙaru. In lokacin wata silinda ya zo aka ji shiru babu turin sai ma raguwa, birenbos ya san an yi fashi, kuma ya san layin wa ne saboda ya san inda kowane fiston yake. A injin irin na Hajiya layin tashi 1-3-4-2 ne, a haka suke zagayawa.

To ba fashi ɗaya yake gani ya kunna wuta ba, ƙirgawa yake. Ƙirga biyu yake yi. Akwai na juyi 1000, wannan na ƙaramin misin ne da zai ɓata hayaƙi kawai, shi wuta a tsaye yake kawowa kuma yawanci sai ya gan shi a tafiya biyu. Akwai na juyi 200, wannan na misin mai yawa ne da zai cutar da indomi, shi ne yake sa kiftawa nan take. Juyi 200 ba wani lokaci ba ne, in allura tana kan 2500 bai cika daƙiƙa biyar ba.

Ɗan Gwaggo: To ni tambayata meye haɗin fulogi da salansa? Fulogi na gaba indomi na ƙarƙashin mota, ya za a yi wannan ya kashe wancan

Injiniya Bashir: Yauwa nan ne zancen yake. Ka ɗauka inji mai silinda huɗu, ɗaya ta mutu gaba ɗaya. Nozul ɗinta bai san ta mutu ba, feshin mai yake yi kamar kullum, iska ma tana shiga kamar kullum, wuta ce kawai ba ta zo ba. Sai bawul ɗin fita ya buɗe fiston ya turo wannan haɗin ɗanye zuwa salansa. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na man da kake sha yana fita bai ƙone ba, kuma tare da iskar da zai ƙone da ita, abin da mutane ke mantawa kenan.

Shi kuma indomin cikinsa tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, su ne ma dalilin da ɓarayi ke bin sa. Aikinsa ya ƙarasa ƙona ɗan guntun man da ya tsere daga inji. Guntu aka yi shi domin sa, ba rubu'in tanki ba. A aikinsa na yau da kullum zafinsa yana yawo tsakanin digiri 400 zuwa 800. Da ka kwararo masa ɗanyen mai da iska zai ƙona su dai, don ba ya iya ƙi, zafin ya haura 1000, a nan shafen nan ya fara lalacewa ko da ba abin da ya narke a ido. In aka ci gaba ya doshi 1400 tangaran ɗin kansa ya narke ramukan su toshe ko ya farfashe. Kuma ba sai an yi wata ana yi ba, tafiya ɗaya a babban titi da silinda a mace ta isa.

Ƙari a kan haka sensar hayaƙi ta gaba iskar da ba a ƙona ba take gani, sai ta kai rahoto mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara mai. Ka ga an ƙara wa wutar itace. Wasu motocin suna da dabarar yanke nozul ɗin silindar da ke misin don kare indomin, amma ba duka ba, kuma ni ba zan ce wa kowa ya dogara da ita ba.

Mubarak EOD: Innalillahi. Wlh tawa ma kiftawa take Injiniya, Accord 2005. Da safe in na murɗa makulli wutar ta ɗan jima a kunne sai ta kifta sau biyar ta mutu. Kenan nawa indomin ya tafi??

Injiniya Bashir: Ƙanena kafin ka tayar da injin take yi ko bayan ya tashi? Kuma an cire batir kwanan nan?

Mubarak EOD: Kafin in tayar, ina tsayawa in karanta addu'a ne sai in ga ta yi. Eh an canza batir satin nan

Injiniya Bashir: To kwantar da hankalinka wannan ba ita ba ce. Honda ta sa haka ne da gangan, in ka buɗe makulli ba ka tayar ba ta kifta sau biyar tana gaya maka bayan cire batir ɗin ba ta gama gwaje-gwajen kanta ba. Ka yi ta hawa cikin gari da babban titi za ta daina. Inji a kashe ba ya misin. Wadda muke magana ita ce inji na aiki wuta na kiftawa babu ƙaƙƙautawa, galibi mota na karkarwa.

Oga Ɗanlami: Injiniya duk na ji karatun. Amma mu tun zamanin 504 muke gane fiston ɗin da ya mutu ba kwamfuta. Ka bar mota a sulo ka dinga cire wayar koyil ɗaya bayan ɗaya, wanda ka cire sautin inji bai canza ba shi ne mataccen. Minti biyu an gama ba a biya kowa kuɗin sikanin ba

Injiniya Bashir: Oga dabarar tana aiki, ni ma a hannun irinku na koye ta. Matsala biyu ce. Ta farko 504 ba ta da indomi, a wannan kuwa duk koyil ɗin da ka cire kai da kanka ka ƙirƙiro misin ka aika ɗanyen mai ƙasa. In dole sai an yi to soket ɗin nozul za a cire ba na koyil ba, sakamakon ɗaya ne amma mai bai zuba ba. Ta biyu, ta Hajiya ba ta yi a sulo, sai an taka. Za ka cire duk huɗun ka ji kowanne yana aiki ka ce mata lafiya lau.

Oga Ɗanlami: Wannan ta biyun na yarda. Amma maganar mai ina nan a kan bakana, na sha sauke tanki in ga ruwa kwance a ƙasa

Injiniya Bashir: Kuma kod ɗin ne zai raba mu Oga. Tanki ɗaya duk silindojin ke sha. In mai ne ko famfon mai ya gaji, yawanci za a ga P0300 ko lambobi da yawa a haɗe. In aka ga lamba ɗaya tak, P0301 zuwa P0304, to abin na silinda ɗaya ne, lambar ƙarshe ita ce silindar. Ruwa a tanki ba ya zaɓar silinda ɗaya ya bar uku.

Hajiya gobe da safe ki kai ta inda ke da sikana mafi kusa da ke. Esi a kashe, ƙafa a hankali, kar ki wuce kowa. In ta fara kiftawa ki sassauta, in ta ƙi dainawa ko a sulo ma tana yi ki yi fakin ki kashe a kira bakanike ya zo nan ko a jawo ta. Kar a yi fakin a kan busasshiyar ciyawa, salansa a wannan yanayin tana iya tayar da gobara. Kuma dan Allah kar ki bari a goge kod kafin ki ɗauki hoton allon, wasu suna jonawa su goge su ce an gyara.

Maman Sadik: Barkanmu da rana. Na kai an jona, ga abin da ya fito

```
P0302
P0456
```

Yaron ya ce a canza koyil huɗu da fulogi huɗu da nozul, kuɗin da ya faɗa kuwa sai da na zauna

Injiniya Bashir: Madalla. Kin ga labarin wutarki biyu ne a nan. P0456 ɗin ɗan ƙaramin yoyon tururin mai ne a ɓangaren tanki, sau da yawa robar murfin tanki ce ta bushe, ina kyautata zaton ita ce ta kunna miki wuta tun farko. Ba ta hana tafiya. P0302 ita ce sabuwa, silinda ta biyu. Kuma kin ga illar barin wuta a kunne, wuta ɗaya ce tak a dashbod, da ƙaramin misin ya fara watannin baya ba yadda za ki sani don dama a kunne take, sai da ya girma ya koma kiftawa.

Kar ki sayi komai tukuna. Ki ce masa ya cire murfin robar saman inji, koyil huɗu ne a jere kowanne da noti ɗaya mai lamba 10. Ana ƙirgawa daga ɓangaren bel, na biyu shi ne namu. Ya zaro shi ya duba robar jikinsa, ya haska ramin fulogin da tocila ku gani ko akwai baƙin mai ko ruwa. Sannan ya musanya koyil na 2 da na 3, koyil kawai kar ya taɓa fulogi. A goge kod, a fita titi a ɗan taka gajeren lokaci a dawo a sake karantawa. In ya koma P0303 ciwon ya bi koyil. In ya tsaya a P0302 a musanya fulogi a sake. In har yanzu bai motsa ba sai a koma nozul, bayan shi a auna matsin silindar, don bawul da ya ƙone ko rin ko gasket ma suna kawo wannan lambar.

Habu Sharon: Ashe kai ma ka ce a taka, jiya ka hana Oga Ɗanlami hhh

Injiniya Bashir: Daƙiƙu kaɗan don a kama ɓarawo daban, Kano zuwa Kaduna daban Malam Habu. In sikanar tana nuna ƙirgar misin na kowace silinda kai tsaye ma ba sai an jira wuta ta kifta ba, lambar za a ga tana hawa a silindar da ke da ciwon.

Maman Sadik: An yi. Ramin na biyu cike yake da baƙin mai har robar koyil ɗin ta kumbura, ga wani siririn layi baƙi a jikinta da jikin farin fulogin. Na ukun ma da ɗan danshi. Bayan musanyar P0303 ya fito. Yanzu yaron ya ce koyil ɗaya to, amma wai baƙin mai a fulogi alamar inji ya fara shan mai ne sai an yi rin. Ni dai kaina ya kulle

Oga Ɗanlami: Kai wannan yaron. Hajiya ki tambaye shi man a ina yake, a bakin fulogi na ciki ko a samansa cikin rami? In a sama ne ba ruwan rin, gasket ɗin murfin sama ne ya bushe yake zubar da mai cikin ramin, ciwon Corolla da Camry ne in sun kwana biyu. Aikin awa ɗaya ne. Kar ya buɗe miki inji

Injiniya Bashir: Abin da Oga ya faɗa shi ne. Kuma wannan baƙin layin da kika gani hanyar da wuta ta yi wa kanta ce, maimakon ta tsallaka a bakin fulogi sai ta bi gefe ta sauka jikin inji. Da zarar layin ya kwanta ba ya goguwa, in aka sa sabon koyil a kan tsohon fulogin mai layi zai sake zana shi a jikin sabuwar robar. Saboda haka koyil ɗaya, fulogi huɗu, gasket ɗin murfi, a tsane man ramin kafin a kwance fulogi don kar ya gangara cikin silinda. Fulogin wannan injin iridiyom ne, Denso SK16R11 ko makamancinsa na NGK, bakinsa milimita 1.1, kuma ba a bubbuga shi a ƙasa wai ana saita baki kamar na da. Jabu sun yi yawa a kasuwa, in kika ji araha ta yi yawa ki bar shi. Nozul ba ruwansa, a ƙyale shi. Murfin tanki kuma a duba robarsa.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri duka, an gyara ta daina jijjigar, wuta ma ta mutu karon farko tun da na san motar. Saura tambaya ɗaya, tunda sikana ba ta nuna komai a kan indomi ba kenan ya tsira ko?

Injiniya Bashir: Ba zan ce ya tsira ba, ba zan ce ya mutu ba. Lokacin da kod ɗin misin ke ajiye birenbos ba ya gwada indomi sam, don ya san sakamakon ba zai zama daidai ba. Yanzu da aka gyara aka goge ne zai fara gwadawa, yana kwatanta sensar gaba da ta baya, kuma sai mota ta yi zafi ta yi tafiya a miƙe na ɗan lokaci. In ya samu rauni za ki ga wuta ta dawo a tsaye da P0420, wataƙila bayan kwanaki. Mutane da yawa a nan suke zagin bakanike wai ya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya, alhali ɓarnar tun ranar kiftawar aka yi ta. Tunda kina sassautawa duk sanda ta fara ina sa ran alheri.

Abin da za ki kula da shi a hanya: in mota ta tashi lafiya amma kina takawa ta ƙi wuce wani gudu kamar an toshe mata numfashi, ko kika ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashi in tana sulo, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai da bai tafiya. In ta huce a bubbuga tukunyar da hannu, in ana jin kacau-kacau ya farfashe. Na toshewa kuma akan kwance sensar gaba a ɗan gwada, in ƙarfi ya dawo saboda hayaƙi ya samu wata ƙofa to a toshe yake.

Habu Sharon: Duk wannan wahalar ta mece ce fisabilillahi. Ni na sa an fasa nawa an zazzage na sayar na ƙara kuɗin taya, mota ta ma fi gudu. Ba indomi ba abin da zai ƙone, ta kifta har ta gaji. Yanzu haka tana yi in na ɗauko lodi kuma kullum ina hanyar Jos

Ɗan Gwaggo: Kai ka sayar da naka da kanka, mu a gareji aka kwashe mana ba sallama, sai da na ji motar na ƙara kamar janareto na gane

Injiniya Bashir: Malam Habu in ta fi gudu bayan an zazzage to dama ya toshe, kuma abin da ya toshe shi shi ne wannan misin ɗin da har yau ba ka gyara ba. Indomi mai lafiya ba ya rage wa mota wani ƙarfin da direba zai ji a ƙafarsa. Ka cire wanda aka kashe ka bar wanda ya yi kisan.

Kuma ɗanyen man ba salansa kawai yake zuwa ba. Wani yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, rin ya dinga gogar ƙarfe, wani ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man injin gaba ɗaya. Ga kuɗin fetur da kake zubarwa a titi a wannan tsadar, ga warin da fasinjan baya ke shaƙa.

Oga Ɗanlami: A nan kam ba na tare da kai duka Injiniya. Motocin haya nawa ke yawo ba indomi shekara da shekaru lafiya? Talaka ba zai sayi sabo ba kuɗinsa ya kusa na injin Beljiyam, waɗanda ake waldawa na arha kuma wata nawa suke yi. Misin ɗin dai ya gyara, wannan na yarda. Kuma ni in mota ta kama kiftawa a daji ba gari kusa, soket ɗin nozul na mataccen nake cirewa in lallaɓa da uku har gari

Injiniya Bashir: Ta daji dabara ce mai kyau in ka tabbatar wace silinda ce, ta fi a tafi mai na zuba. Sai dai iska na nan tana wucewa, sensa za ta ce mai ya yi kaɗan a ƙara wa sauran ukun, don haka zuwa gari mafi kusa ne a hankali ba a ci gaba da lodi ba. Maganar cirewa kuwa Oga, inji zai yi aiki ba shi ban musa ba, amma wuta za ta zauna a kunne da P0420 har abada, mun koma gidan jiya, wani ciwon ya zo ba mai sani. Hayaƙin kuma mu da yaranmu ke shaƙa a go-sulo.

Oga Ɗanlami: Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa sensar baya wutar ta mutu

Injiniya Bashir: Akwai, wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi, kuma rufe wa sensa ido ne ba gyara ba. Wannan sai mun zauna.

Habu Sharon: To naji. Ni tawa VR6 ce ba huɗu ba, kuma an canza fulogi duka shida watan jiya ba ta daina ba. Sai da lodi take yi, in damina ce ko an wanke inji ta fi yi. Me zan ce wa rewaya ya duba?

Injiniya Bashir: Kar ka ce masa komai tukuna, a fara karanto kod a gani lamba ɗaya ce ko biyu ko P0300. Yadda ka ce danshi na ƙara ta ina zargin wuta na tserewa ta wayoyin fulogi ko jikin koyil ya tsage, in taka mai koyil ɗaya ce da wayoyi shida. Irin wannan koyil ɗin silinda biyu-biyu yake ba wuta, to in ka ga lambobi biyu tare kar ka yi mamaki. Wace shekara ce motar? Kuma kafin ka tayar gobe da safe ka zaro sandar gwada baƙin mai ka sansana, ka duba ko ya haura layin sama, ka faɗa mana abin da ka ji.

Habu Sharon: 1999 ce. Sandar kam tun satin jiya yaron mota ya ce min mai ƙaruwa yake maimakon ya ragu, na ce masa albarka ce

Oga Ɗanlami: Habu juye wannan man yau, kar ka ɗau lodi da shi. Ka kawo ta da yamma in duhu ya fara, mu fesa wa wayoyin ruwa mu ga ta inda wutar ke fita